Haruffa 14, Kuskure 10, Minti 15: Yadda Ƙaramin Ofis Zai Tsara Kalmomin Sirrinsa

A watan Janairun 2024 kamfanin Microsoft ya fito fili ya shaida wa duniya cewa wasu masu kutse da ake alaƙantawa da Rasha, waɗanda yake kira Midnight Blizzard, sun shiga akwatunan imel na wasu manyan shugabanninsa. Ba wata dabara mai ban mamaki suka yi amfani da ita ba. Tun ƙarshen Nuwamban 2023 suka riƙa gwada kalmomin sirri da mutane suka saba sakawa, a hankali, a kan asusu daban-daban, har suka dace da wani tsohon asusun gwaji da aka manta da shi, wanda ba shi da matakin tantancewa na biyu. Daga nan suka samu hanya.

Idan hakan ta faru da kamfanin da ya ƙera Windows, to ofishin akanta ko na lauya mai ma'aikata ashirin, da saba ɗaya a kusurwar ɗaki, yana da dalilin duba nasa tsarin. A irin wannan ofis, kwamfutocin duka suna ƙarƙashin abin da ake kira domen, wato tsarin da saba guda ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu ta manhajar Active Directory, ita ce kuma ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya. Dokokin kalmar sirri na kowa da kowa suna wuri ɗaya, kuma a ofisoshi da yawa ba wanda ya taɓa su tun ranar da aka kafa sabar.

Ga abin da Windows ke zuwa da shi idan ba a canza komai ba: kalmar sirri kada ta gaza haruffa 7, dole ta kasance mai gauraye, a canza ta duk kwana 42, a tuna tsofaffi 24 don kada a maimaita, sannan adadin kuskuren da ke kulle asusu shi ne 0, ma'ana ba a kullewa ko da mutum ya yi gwaji dubu. Mai kula da sabar zai iya ganin abin da ke kan nasa domen da umarni ɗaya a PowerShell:

```
Get-ADDefaultDomainPasswordPolicy
```

Abubuwa uku ne suka fi cancantar gyara a cikin abin da zai gani, kuma kowannensu yana tare wani irin hari ne na daban. Tsawon kalma yana tare wanda ya riga ya sace rumbun bayanai ya koma gida yana fasawa. Jerin kalmomin da aka haramta yana tare wanda ke gwada kalma ɗaya a kan kowa. Kullewa kuma tana tare wanda ya nace wa asusu ɗaya. Wanda ya fahimci wannan rabon aiki ba zai ɗora wa ɗaya nauyin da na ɗaya ne ba.

Tsawo ya fi gauraye

Windows ba ya ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Yana mayar da ita wata doguwar lamba ta hanyar lissafi, abin da masana ke kira hash, ya ajiye a fayil mai suna ntds.dit a kan sabar. Ba a iya juya lissafin baya, amma ɓarawon da ya kwafe fayil ɗin, ko ya samo shi a faifan ajiyar da aka yi sakaci da shi, zai iya ɗaukar kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana yi musu lissafin, yana kwatantawa har ya dace. A wannan aiki babu kullewa, domin a kan kwamfutarsa yake yi. Kuma lissafin da Windows ke amfani da shi tsoho ne mai sauri, ta yadda kati ɗaya na zamani irin na masu wasannin kwamfuta yana wuce gwaji biliyan 100 a daƙiƙa.

A ɗauki biliyan 100 ɗin a yi lissafi. Allon rubutu yana da alamomi 95 idan an haɗa manya da ƙananan haruffa da lambobi da sauran alamomi. Kalma mai haruffa 7, ko ta ƙunshi kowane iri, za a gama gwada duk yiwuwarta cikin kamar minti 12. Mai haruffa 8 za ta ɗauki kamar awa 18. Amma mai haruffa 14 da aka zaɓa ba bisa wani tsari ba, ko da ƙananan haruffa ne zalla babu lamba babu alama, za ta ci kamar shekara 20. Ƙarin harafi ɗaya yana ninka aikin ɓarawo sau da yawa, alhali ƙarin alamar motsin rai a ƙarshe abu ne da ya riga ya sani.

Shi ya sa shawarar tsaro da Microsoft ke bai wa masu domen ta tsaya a kan 14. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a ƙa'idojinta na 2017 ta ce kada a gaza 8, ta kuma ce a daina tilasta gauraye da canjin lokaci-lokaci. A sabon bugun da ta fitar a 2025 ta ɗaga zuwa 15 a duk inda kalmar sirri ce kaɗai ke tsare asusu, ta bar 8 ga inda ake haɗawa da mataki na biyu. A yawancin ƙananan ofisoshi, ma'aikaci yana shiga kwamfutarsa da kalmar sirri kawai, don haka ɓangaren 14 zuwa 15 ne ya shafe su.

Dalilin da ya sa 14 ta fi sauƙi shi ne nan ne iyakar da akwatin Minimum password length ya daɗe yana karɓa. Sababbin Windows daga 2020 sun ƙara saitin Relax minimum password length limits da ke ba da damar wucewa, amma ofis mai tsohuwar saba zai fi samun kwanciyar hankali da 14 ga kowa. Masu riƙe da manyan asusun gudanarwa su ne za a ware wa doka ta musamman, wadda Windows ta ba da dama tun bugun saba na 2008 da sunan Fine-Grained Password Policy, a sa musu 20 ko fiye. Ana ɗora irin wannan doka a kan mutum ko rukunin ma'aikata.

A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Mai kula da saba zai ƙirƙiro sabuwar doka ya rataya ta a kan sashen ma'aikatan kuɗi, ya zauna yana ganin ya gama, alhali dokar kalmar sirri ta asusun domen ba ta aiki sai an saka ta a matakin domen ɗin gaba ɗaya. Wurin da ya dace shi ne Default Domain Policy, a bi ta Computer Configuration, Policies, Windows Settings, Security Settings, har zuwa Account Policies.

Ta yaya ma'aikaci zai riƙe haruffa 14 a ka? Ta hanyar haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, irin su sunan wani kayan aiki, da wani launi, da wata dabba, da wani abinci. Sharaɗin shi ne kada su zama jimlar da kowa ya sani. Karin magana ko addu'a ko baitin waƙa, komai tsawonsu, suna iya shiga jerin da masu fasa kalmomi ke tarawa. Haka nan suna da lambar waya, wanda mutane ke gudu zuwa gare shi da zarar an ce a tsawaita: lambar wayar Najeriya tana da lambobi 11, an ƙara harafi uku an cika 14, amma tana rubuce a ƙasan kowane imel da mutumin ya aika. Masu rubutu da Hausa kuma gara su guji ƙ da ɗ da ɓ a kalmar sirri. Windows yana karɓarsu, sai dai ranar da mutum ya zauna gaban kwamfutar da ba a saka mata allon Hausa ba, ba zai iya shiga ba.

Idan an tsawaita, sai a sassauta canjin kwana 42. Microsoft da kansa ya cire tilasta canjin lokaci-lokaci daga shawarwarinsa a 2019, domin an ga abin da yake haifarwa: mutum ya canza lambar ƙarshe daga 1 zuwa 2, ko ya rubuta a takarda ya manna a ƙarƙashin allon rubutu. A canza kalma idan akwai alamar ta fita, ko an sallami wanda ya san ta.

Kalmomin da kowa zai fara gwadawa

Dokar gauraye ta Windows, wato Password must meet complexity requirements, abu biyu kawai take dubawa: kalmar ta ƙunshi aƙalla iri uku daga cikin manyan haruffa, ƙanana, lambobi, alamomi da haruffan wasu harsuna, sannan kada ta ƙunshi sunan asusun mutum ko wani yanki na cikakken sunansa. Saboda haka Password1 ta cika sharaɗi, kuma idan an ce 14, Password123456 ma ta cika. Dokar ba ta san wace kalma ce ta yi farin jini ba.

Masu kutse kuwa sun sani. A 2009 aka sace kalmomin sirri kusan miliyan 32 daga kamfanin RockYou, a fili ba a ɓoye su ba, aka ga 123456 ce kan gaba, kuma har yau wannan jeri yana cikin kayan aikin masu fasa kalmomi. Mai hari yakan ƙara masa sunan kamfanin da ya nufa, da garin da yake, da shekarar da ake ciki. Sai ya ɗauki kalma ɗaya ya gwada a kan ma'aikata ashirin, ya jira, ya ɗauki ta biyu. Kowane asusu kuskure ɗaya kawai ya gani, don haka babu wanda aka kulle. Irin harin da ya ci Microsoft ke nan, kuma shi ne wanda hukumar FBI ta ce mai yiwuwa da shi aka shiga kamfanin Citrix a 2019.

Active Directory ba ya zuwa da jerin haramtattun kalmomi, sai an ƙara masa. Ofishin da ke biyan lasisin Microsoft Entra ID P1 zai iya amfani da Microsoft Entra Password Protection, inda ake saka wata ƙaramar manhaja a kan kowace sabar domen, da wata da ke sauko da jerin daga intanet. Ofishin da ba shi da wannan lasisi yana da zaɓi na kyauta, kamar Lithnet Password Protection, wanda ke iya kwatanta sabuwar kalma da ɗaruruwan miliyoyin kalmomin da aka taɓa sacewa, waɗanda shafin Have I Been Pwned ke tarawa.

Yadda tsarin Microsoft ke yanke hukunci ya cancanci a tsaya a kai, domin shi ke nuna abin da za a rubuta a jerin. Yana da nasa babban jeri da ba ya bayyanawa, sannan yana barin ofis ya ƙara nasa har kalma 1,000, kowace daga harafi 4 zuwa 16. Idan ma'aikaci ya rubuta sabuwar kalmar sirri, tsarin yana mayar da manyan haruffa ƙanana, ya mayar da @ zuwa a, $ zuwa s, 0 zuwa o, 1 zuwa l. Sannan ya ba kowace haramtacciyar kalma da ya samu a ciki maki ɗaya, kowane harafin da ya rage shi ma maki ɗaya. Sai an kai maki biyar yake karɓa.

A ɗauki ofis a Kano da ya saka kano da arsenal a jerinsa, sai wani ma'aikaci ya zaɓi Kan0Ar$enal@2026. Haruffa 16 ne, kuma ta cika dokar gauraye. Tsarin zai gane kano da arsenal duk da kwalliyar da aka yi musu, ya ba su maki biyu. Amma sauran haruffa biyar ɗin za su kai ta sama da maki biyar, don haka idan da jerin ofis kaɗai za a bi, ta wuce. Da an saka 2026 a jerin, da makin ya tsaya a huɗu: kano, arsenal, alamar tsakiya, da shekara. Da an ƙi ta.

Wannan misali yana koyar da abu biyu. Ba a buƙatar rubuta kowane salo na kalma, tushenta ya isa. Kuma shekaru suna cikin abin da ya kamata a haramta: ta bana, ta bara, ta baɗi, da shekarar da aka kafa ofishin. Bayan su sai sunan kamfani da taƙaitawarsa, sunayen kayan da yake sayarwa, unguwa da titi da gari, ƙungiyoyin ƙwallon da ake goyon baya a ofis, da sunayen ranaku da watanni a harshen da ma'aikata ke magana da shi. A ofishin Hausawa wannan na nufin Juma'a da Litinin da Ramadan da Sallah, da kalmomin da harshe ya saba da su irin su bismillah da alhamdulillah, waɗanda ba za a dogara cewa babban jerin Microsoft ya san da su ba. Kalmomi hamsin zuwa ɗari da aka zaɓa da sanin mutanen wurin sun fi dubu da aka kwafo daga intanet.

Kada a fara da tilastawa. Tsarin yana da yanayin Audit, inda yake karɓar kalmar amma ya rubuta cewa da ya ƙi ta. Bayan makonni kaɗan, idan an ga yadda abin yake, sai a juya zuwa Enforced.

Kullewa: sau nawa ne ya yi yawa?

Mutane da yawa suna ganin sau uku ne daidai, domin haka na'urar cirar kuɗi ta banki ke yi. Amma lambar katin banki huɗu ce kawai, yiwuwarta 10,000, don haka dole a takura. Kalma mai haruffa 14 ba ta cikin wannan hali, kuma sau uku a ofis yana jawo matsalar da ta fi wadda yake magancewa.

Dalili shi ne ba yatsun mutum kaɗai ke yin kuskure ba. Ma'aikaciya ta canza kalmarta da safe, amma wayarta tana ta neman imel da tsohuwar, ko akwai babban fayil na ofis da kwamfutarta ke buɗewa da kalmar da aka ajiye tun bara a Credential Manager. Windows yana yafe tsofaffin kalmomi biyu na baya-bayan nan, ba ya ƙirga su a matsayin kuskure, amma wadda ta girme su tana ƙirguwa. Kafin ta gama shan shayi an kulle ta. Bayan haka, duk wanda ya san sunayen asusun ma'aikata zai iya kulle ofishin gaba ɗaya da gangan, ta hanyar rubuta shirme sau uku a kan kowa.

Saituna uku ne a ƙarƙashin Account Lockout Policy. Account lockout threshold shi ne adadin kuskuren, kuma shawarar Microsoft ita ce 10. Account lockout duration shi ne tsawon kullewar, minti 15 ya wadatar. Idan aka sa 0 a nan, asusun ba zai buɗe ba sai mai kula da saba ya zo, abin da ba ya yi wa ofishin da ma'aikacin kwamfutarsa ke zuwa sau ɗaya a mako. Reset account lockout counter after kuma shi ne lokacin da za a jira bayan kuskure na ƙarshe kafin ƙirga ta koma sifili, shi ma minti 15. Cibiyar CIS ta fi tsanani, tana cewa kada a wuce 5, NIST kuma ta yarda har 100. Goma tana ba mutum da na'urorinsa sarari ba tare da buɗe ƙofa ba.

Ya kamata a san iyakar abin da wannan ke yi. Mai hari mai haƙuri zai yi gwaji 9, ya jira minti 15, ya sake. A rana akwai irin wannan zagaye 96, wato kusan gwaji 864 a kan asusu ɗaya, ko sama da 17,000 a kan ma'aikata ashirin, ba tare da an kulle kowa ba. A gaban kalmomi biyar da ba su da alaƙa, wannan ba komai ba ne. A gaban sunan gari da shekara, ya isa ya yi yawa. Ko an rage zuwa uku, mai gwada kalma ɗaya a kan kowa bai damu ba. Kullewa tana rage gudu ne kawai, jerin haramtattun kalmomi da tsawo su ne ke hana dacewa.

Amfaninta na biyu shi ne tana barin shaida. Duk lokacin da aka kulle asusu, sabar tana rubuta lamba 4740 a kundin Security, tare da sunan kwamfutar da kuskuren ya fito a layin Caller Computer Name. Lamba 4625 da 4771 kuma suna nuna shigar da ta gaza, muddin an kunna rubuta su. Idan mutum ɗaya ne ake ta kullewa daga kwamfutarsa, tsohuwar kalma ce ta maƙale a wani wuri. Idan kuwa aka ga kuskure ɗaya-ɗaya a kan kowa da kowa cikin minti biyu, daga wuri guda, da tsakar dare, to hari ne. Ana ganin waɗanda aka kulle, a kuma buɗe su, da waɗannan:

```
Search-ADAccount -LockedOut
Unlock-ADAccount -Identity sunan_asusu
```

Ranar aiwatarwa

Akwai abin da ke ruɗin masu ofis: sabuwar doka ba ta taɓa tsofaffin kalmomi. Windows yana duba tsawo da jeri ne kawai a lokacin da ake saka sabuwa. Idan aka ɗaga zuwa 14 aka kuma cire wa'adin canji a rana ɗaya, mai haruffa 7 zai ci gaba da ita har ya yi ritaya. Don haka a ofis mai mutum ashirin, sai a fara da zama na rabin awa a nuna wa ma'aikata yadda ake haɗa kalmomi, a saka jerin da sabon tsawo, sannan a riƙa ɗaukar mutum biyar a rana ana sa musu alamar User must change password at next logon, ana tsayawa a gyara wayar kowa nan take. Kullewa ita ce ta ƙarshe da za a kunna, bayan ƙurar canjin ta lafa.

Kafin a ce an gama, a bi jerin asusun ɗaya bayan ɗaya. Na ma'aikacin da ya bar aiki, na ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, na gwaji, na injin sikana da aka sa wa Password never expires shekaru biyar da suka wuce: wanda ba a buƙata a kashe shi, wanda na'ura ke amfani da shi a ba shi kalma mai haruffa 25 ko fiye da kwamfuta ta ƙirƙira. Duk ƙofar da ake shiga daga wajen ofis kuma, imel ne ko VPN, a ɗora mata matakin tantancewa na biyu, domin kalmar da aka yaudari mutum ya rubuta a shafin bogi ta fita ko da haruffanta talatin ne. A 2021, da kalmar sirri ɗaya ta wani tsohon asusun VPN da ba shi da mataki na biyu aka shiga kamfanin Colonial Pipeline, har aka rufe bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka na kwanaki.

Mai ofishin da bai san abin da ke kan sabarsa ba ya kira mai kula da ita a wannan makon, ya ce a nuna masa lambobin nan uku a kan allo. Idan ya ga 7 da 42 da 0, ba a taɓa su ba tun ranar da aka kafa domen ɗin, kuma canza su bai kai aikin awa ɗaya ba.